Ba kowane giɓin farashi ke cikewa ba

Masu cinikin hannun jari da kuɗin ƙasashe ta waya suna da wata magana: wai duk giɓin da farashi ya bari sai ya dawo ya cike shi. Giɓin da suke nufi ba baƙo ba ne a Tahoua. A ce kasuwar Lahadi ta watse ana auna tiyar hatsi sefa 700, Lahadin gaba ta ci a kan 850, babu wanda ya saya a tsakani. Wannan 150 ɗin shi ne giɓi. Cikewarsa kuwa ita ce tiya ta sake saukowa 700.

Manomin Adar ya san rami iri biyu. Tassa da ya haƙa da hauya, iska da ruwan sama kan mayar mata da ƙasa, shi ya sa yake gyara ta da rani. Kori kuwa, in ruwa ya tsaga shi a gefen gona, kowace damina ƙara baki yake. Haka giɓi yake, dalilinsa ake dubawa.

In motar hatsi ce ta makara, ko ruwa ya datse hanya, giɓin tassa ne. Alamarsa ita ce ciniki ya yi sanyi a sabon farashin, masu saye na taɓawa suna wucewa. Da kaya sun iso ya faɗo. Giɓin ragon jajiberin Layya ma yana cikewa, amma ta wata hanya. Tsallensa shi ne na ƙarshe, kowa ya saya cikin gaggawa, bayan Salla babu sauran mai nema, dillalin da ya riƙe raguna ya koma sayen dusa da harawa daga aljihunsa. Tsallen hatsi a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka ƙare, shi kan ja wani tsallen a bayansa, sai kaka ta yi yake saukowa. Wanda ya ci bashi yana jira, watannin nan sun isa su karya shi.

Kori na gaske shi ne na Janairun 1994. A Dakar aka yanke shawarar karya darajar sefa da rabi. An kwana faran ɗin Faransa ɗaya yana sefa 50, aka wayi gari ran 12 ga wata yana 100. Magani da duk kayan da ke shigowa daga waje suka haura. A 1999 aka ɗaure sefa da yuro a kan sefa 655,957 kowane yuro ɗaya, wato a kan wannan karyayyar darajar. Shekara sama da talatin ke nan tun 1994, farashin bai waiwayi 50 ba, domin ma'aunin ne kansa aka sauya.

Saboda haka, ɗan kasuwa, kafin ka zuba jarinka kana jiran farashi ya koma gidan jiya, tambayi abin da ya ɗaga shi, ka kuma tambayi ko aljihunka zai kai ka kaka.