Takarda Ɗaya, Hawa Uku: Yadda Ake Tsara Aikin Aji Kan Kewaye da Girman Fili

Duk malamin da ya taɓa koyar da lissafi a aji ɗaya na ƙaramar sakandare ya san cewa yaran da ke gabansa ba su zo da guzuri iri ɗaya daga firamare ba. A benci guda za a tarar da yarinyar da ta haddace jadawalin sau har na 12, kusa da ita kuma ga wadda sai ta ƙirga da yatsu kafin ta san nawa ne 6 sau 4. In aka ba su aiki iri ɗaya, ta farko za ta gama cikin minti biyar ta shiga surutu, ta biyu kuma za ta kwafa daga maƙwabciyarta ko ta miƙa takarda fara fat. Maganin da malamai da dama ke amfani da shi shi ne a raba aikin hawa uku. Carol Ann Tomlinson, wadda ta yi koyarwa a Jami'ar Virginia a Amurka, ta yi fice wajen yaɗa wannan tsari a littafinta na 1999 kan koyar da aji mai ɗalibai mabambanta. Sai dai a wurin rabon ne ake yawan yin kuskure, kuma darasin kewaye da girman fili yana nuna kuskuren a sarari.

Kewaye shi ne tsawon layin da ya zagaye abu, ana auna shi da mita ko santimita. Girman fili shi ne yawan wurin da ke cikin wannan layin, ana auna shi da murabba'in mita ko murabba'in santimita. Magini ya san bambancin ko bai shiga aji ba: da kewaye yake lissafa bulon katanga, da girman fili yake lissafa tayil ɗin ɗaki. Yaro kuwa yakan haddace ƙa'idojin biyu a mako guda, kewaye = 2 × (tsawo + faɗi), girman fili = tsawo × faɗi, daga nan su cakuɗe masa. Yana ganin siffa mai kusurwa huɗu da lambobi biyu a jikinta, sai ya yi canki-canka tsakanin tarawa da ninkawa. Wannan ruɗani shi ne abin da takardar za ta yaƙa, kuma dole hawa ukun duka su nufe shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a mayar da hawan zuwa girman lambobi kawai. A ba masu rauni 5 da 3, a ba matsakaita 25 da 13, a ba gwanaye 12.5 da 7.8. Wannan ya gwada iya ninkawa, bai gwada fahimtar fili ba, domin tunanin da yaron zai yi guda ne a duka ukun. Abin da ya kamata ya canza daga hawa zuwa hawa shi ne yawan taimakon da ke kan takarda da kuma zurfin tunanin da tambaya ke nema. Lambobin su zauna ƙanana ko'ina.

A hawa na farko, kowace siffa a zana ta kan gida-gida irin na littafin lissafi, yadda yaro zai iya ɗora yatsa ya ƙirga. A fara da misali ɗaya da aka riga aka warware, an yi wa gefen siffar layi mai kauri, an kuma shafa cikinta da fensir, don ido ya ga cewa abubuwa biyu ake magana. Tambaya ta farko ta zama siffa mai tsawon gida 5 da faɗin gida 3, a nemi kewayenta da girman filinta a tare. Amsa ita ce 16 da 15.

Ba haka kawai aka zaɓi 5 da 3 ba, kuma a nan ne gwanintar mai tsara takarda take. Kowane kuskure da yaro zai iya yi yana haifar da tasa lamba daban. Wanda ya rubuta 15 a matsayin kewaye ya musanya ƙa'idojin ne. Wanda ya rubuta 8 ya tara tsawo da faɗi sau ɗaya, ya manta siffar tana da gefe huɗu. Wanda ya rubuta 12 kuwa, shi gidajen da ke jere a bakin siffar ya ƙirga maimakon layukan gefensu, don haka kowace kusurwa ta cinye masa ɗaya. Malam yana ganin lambar ya san ciwon, ba sai ya zaunar da yaro yana yi masa tambayoyi ba. Saboda wannan dalili ne ya wajaba a guji siffar 4 da 4 da kuma ta 6 da 3. A ta farko kewaye 16 ne, fili ma 16, a ta biyu kuma duka biyun 18 ne. Yaron da ya ruɗe zai ci maki cikakke a kansu, malam ya wuce yana murna an gane. A cikin siffofi masu kusurwa huɗu daidaitattu da gefensu cikakkun lambobi ne, waɗannan biyun kaɗai ke da wannan hali, don haka kauce musu ba wuya.

Tambayoyi huɗu sun isa a wannan hawa, ta ƙarshensu kuma ta zama yaro ya zana tasa siffar mai gida 12 ya faɗi kewayenta. Wani zai zana 4 da 3 ya sami 14, wani 6 da 2 ya sami 16. Su da kansu za su fara gardamar wane ne ya yi daidai, alhali duka sun yi daidai.

A hawa na biyu sai a janye gida-gidan, a bar siffa da lambobi. Bayan tambaya guda mai sauƙi, kamar 7 da 4 da ke ba da 22 da 28, sai a juya aikin baya: lambu girmansa murabba'in mita 40, tsawonsa mita 8, nawa ne kewayensa? Dole yaro ya fara gano cewa faɗin mita 5 ne kafin ya kai ga 26. Wanda hadda kawai ya yi, a nan yake tsayawa.

Zuciyar wannan hawa ita ce tsakar gida mai lungu. A ɗauki fili mai tsawon mita 8 da faɗin mita 6, a gina ɗan ɗakin ajiya mai mita 3 da mita 2 a kusurwa ɗaya, abin da ya rage ya zama siffa mai gefe shida. A rubuta tsawon gefe huɗu kawai, wato 8, 6, 5 da 4, a bar biyu ba lamba. Yaro zai gano su da kansa: 8 a cire 5 saura 3, 6 a cire 4 saura 2. Kewayen ya zama mita 28. Girman filin kuma hanyoyi biyu ne ke kai wa gare shi, ko a cire 6 daga 48, ko a raba siffar gida biyu a tara 32 da 10, duka su tsaya kan 42. Wanda ya kawo 23 a kewaye, lambobin da ya gani kaɗai ya tara. Wanda ya kawo 48 a fili bai lura da lungun ba. Wanda ya kawo 62 ya ninka 8 da 4, ya ninka 5 da 6, ya ƙirga wani sashe sau biyu. A ƙarƙashin tambayar a ƙara layi ɗaya: kafin a gina ɗakin, nawa ne kewayen? Amsar 28 ce dai. Fili ya ragu, kewaye bai motsa ba, kuma yara da yawa sai sun sake lissafi kafin su yarda.

Hawa na uku ba ya buƙatar tambaya fiye da biyu, amma kowace ta buɗe ƙofar bincike. Mai kiwon kaji yana da ragar waya mita 24, yana son killace wuri mai kusurwa huɗu. Wane tsawo da faɗi ne zai ba kajin wuri mafi yalwa? Yaro zai jera: 11 da 1 ya ba da 11, 10 da 2 ya ba da 20, 9 da 3 ya ba da 27, haka har ya kai 6 da 6 da ke ba da murabba'in mita 36. Waya guda, amma wurin ya ninka fiye da sau uku. A nemi ya rubuta da kalmominsa abin da ya lura da shi. Ta biyun daga unguwa take. Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 kewayensa ƙafa 300 ne, girmansa murabba'in ƙafa 5,000. In aka raba wa magada biyu, kowa ya sami 50 da 50, shin kowannensu rabin katangar zai gina ya kewaye nasa? Fili dai ya rabu biyu, 2,500 kowa, amma kewayen kowane rabi ƙafa 200 ne, ba 150 ba, domin an sami sabon gefe a tsakiya.

Saura yadda za a raba aikin a aji, kuma a nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Hawa ukun su zauna a takarda ɗaya, gaba da baya, kowa ya karɓi irin ta ɗan'uwansa. Kada a buga takarda uku masu launi daban, domin kafin a tashi tara yara sun gano wace ce ta waɗanda ba su iya ba, sunan kuma ya bi yaro har ƙarshen zango. A kira sassan na ɗaya, na biyu, na uku, shi ke nan. Don sanin inda kowa zai fara, kwana guda kafin darasin a rubuta siffa ɗaya a allo a nemi kewaye da fili. Wanda ya ci biyun ya fara daga sashe na biyu, sauran su fara daga na ɗaya, duk wanda ya gama kuma ya hau gaba. Kada a dogara da sakamakon jarrabawar zangon da ya wuce, domin akwai yaron da ninkawa ke ba shi wuya amma idonsa ya iya siffa.

Akwai ƙananan abubuwa da ke ɓata takarda mai kyau. Injin hoto yakan rage girman shafi, don haka in yara za su auna da rula, a auna kwafin farko kafin a buga sauran. Doguwar jimla a tambaya tana mayar da gwajin lissafi gwajin karatu, musamman inda ake koyarwa da harshen da ba na gida ba, saboda haka a gajarta, a sa zane. A bar wurin rubuta ma'auni kusa da kowace amsa, domin yaron da ya rubuta cm inda ya kamata ya rubuta cm² yana nuna bai raba layi da fili ba tukuna. Inda babu kuɗin bugawa, a raba allo gida uku, littafin lissafi mai gida-gida ya wadatar.

A darasin minti 40, a ware goma na ƙarshe ajin ya haɗu kan tambaya guda: shin siffofi biyu za su iya yin kewaye ɗaya amma filinsu ya bambanta? Mai tsakar gida mai lungu yana da hujja, mai ragar kaji yana da tasa, mai gida 12 kuma ya ga juyin abin, fili ɗaya da kewaye daban. Malam, kafin ka kai takardarka wurin bugawa, zauna ka warware kowace tambaya da gangan ta hanyar kuskure. Duk tambayar da kuskure ya ba ka amsar daidai, canza lambobinta.