Ko Ka Sani? Ƙarnin Kifi da Warin Albasa Ba Magani Ɗaya Suke Ji Ba

Ƙarnin kifi yana fitowa ne daga wani sinadari da masana ke taƙaita sunansa da TMA. Kifin teku, irin su daskararren taitus da ake sayarwa a katan, yana da wani sinadari marar wari a tsokarsa wanda ke taimaka masa ya jure ruwan gishiri. Da zarar kifin ya mutu, ƙwayoyin bakteriya sukan fara juya shi zuwa TMA, shi kuwa mai saurin tashi ne ya bi iska. Shi ya sa kifin da aka kamo yanzu ba ya cika ƙarni, amma wanda ƙanƙararsa ta narke ta sake kamawa yakan cika gida.

A ilmin sinadarai TMA ɗan gidan kanwa da toka ne, wato kishiyar tsami. Idan tsami ya taɓa shi, sai ya koma wani nau'in gishiri wanda ba ya tashi sama, kuma ruwa na iya wanke shi. Wannan ne dalilin da ya sa lemon tsami, ruwan tsamiya da ruwan khal suke kashe ƙarni, alhali sabulu kaɗai yakan rage shi ne kawai. Tarwada da sauran kifin kogi ko tafki ba su da TMA da yawa. Nasu warin na laka ne, daga wani sinadari da ƙananan halittun cikin ruwa ke fitarwa, kuma shi ma tsami yana raunana shi. Ga hannu, ana fara ɗauraye majinar kifin da ruwan sanyi, a goga ɓarin lemon tsami har tsakankanin yatsu da ƙarƙashin farce, a bar shi kamar minti 1, sannan a wanke da sabulu. Wankin ƙarshe ba abin wasa ba ne, domin ruwan lemon tsami da ya bushe a fata yana iya ƙona ta ya bar tabo idan rana ta buge shi.

Albasa da tafarnuwa daban suke. Kafin a yanka su ba su da wari sosai. Wuƙa ce ke fasa ƙwayoyin jikinsu, abubuwan da ke rabe a ciki su haɗu, su haifar da sinadarai masu farar wuta, waɗanda suka haɗa da wanda ke sa hawaye. Yawancinsu sun fi narkewa a mai fiye da ruwa, don haka sukan shige cikin maiƙon fata su zauna. Abin da ya fi cire su shi ne a murza ɗan man gyaɗa da gishiri a busasshen hannu, man ya kwaso warin, gishirin ya kankare, sannan sabulu ya tafi da man. Haka ma raɗaɗin attaruhu, domin abin da ke kawo yajin mai yake bi. Ana yawan cewa goga hannu a cokalin ƙarfe marar tsatsa yana cire warin tafarnuwa, amma hujjar da ke bayan wannan magana ba ta da ƙarfi, kuma ba ta kai mai da sabulu ba.

Tukunyar ƙarfe ba ta shan wari. Idan ta ci gaba da ƙarni bayan wanki, to maiƙo ne ya maƙale a gindin marfi, ko wajen ƙusoshin hannu, ko kuma soson wanki ne ke mayar da shi. Tafasa ruwa da bawon lemon tsami na minti 10 ya wadatar. Tukunyar alminiyam dai tana da sharaɗi: kanwa da bekin soda suna baƙanta ta, tsami kuwa idan ya kwana a ciki yana cin jikinta. Turmi, muciya da katakon yanka suna tsotse ruwa, saboda haka ba a jiƙa su. Gishiri da lemon tsami ake goga musu, a ɗauraye, a shanya.

Roba ce ta fi wuyar sha'ani. Yawancin robobin ajiye abinci suna ɗauke da alamar PP da lamba 5 a gindinsu, kuma asalinsu daga man fetur ne, don haka mai ba ya tsayawa a samansu kawai, shiga jikinsu yake yi. Zafi na ƙara buɗe masa hanya. Robar da aka juye wa miyar manja da daddawa tana tafarfasa za ta ɗauki launi da wari fiye da wadda aka bari miyar ta huce. Ana fara wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu mai yawa har yatsa ya daina santsi a jikinta. Idan warin na kifi ne ko daddawa, wadda ita ma warinta na gidan kanwa ne, sai a jiƙa ta a ruwan khal da ruwa rabi da rabi na 'yan awoyi. Idan kuwa tsamin nono ne ko na miyar da ta lalace, bekin soda ake kwaɓawa a shafe ta ya kwana. Haɗa su biyun a kwano ɗaya ɓarna ce: kumfar da ke tashi alama ce ta cewa sun kashe ƙarfin juna. Bayan haka a shanya ta a buɗe yini ɗaya, domin hasken rana yana dusar da rawayar kurkum da jan manja, iska kuma ta kwashe sauran. Robar da soson waya ya karce cikinta ta zama farar ƙura-ƙura ta gama aiki, gara a ware ta wa kifi kaɗai.

Firji ba ya hana ruɓa, jinkirta ta yake yi, kuma sai sanyinsa ya tsaya a digiri 4 ko ƙasa. Idan wuta ta ɗauke, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kimanin awa 4. Firiza cikakkiya tana kai awa 48, wadda take rabi kuwa awa 24. Misali, gidan da ya ajiye taitus a leda a ɗakin ƙanƙara na firji, wuta ta yi kwana 3 ba ta dawo ba: kifin zai narke, ruwansa mai jini ya tsiyaye ta bakin leda ya gangara. Za a zubar da kifin, a goge ciki tas, amma bayan mako guda ƙarni na nan, har ya fi ƙarfi a bayan firjin fiye da cikinsa.

Wannan alamar ce ke nuna inda matsalar take. Firji da yawa suna da ƙaramin rami a bangon baya daga ciki, wanda ke kai ruwa ta siririn bututu zuwa wani ɗan faranti da ke kan injin a baya. An yi shi ne don zafin injin ya busar da ruwan raɓa. Idan ruwan kifi ya isa can, injin yakan ɗumama shi duk lokacin da ya tashi. Gyaran shi ne a zare wayar wuta, a janyo firjin, a tsane farantin da tsumma, a wanke shi da sabulu, a bi da ruwan khal, a kuma ɗura ruwan ɗumi ta ramin har ya fito a tsabtace. Robar bakin ƙofa ma tana da ninki da ke ɓoye ruwa, tsohon buroshin haƙori ne ke isa wurin. Bangon ciki ana goge shi da cokali 2 na bekin soda a lita 1 ta ruwan ɗumi. Wanda zai sa bilic don kashe ƙwayoyin cuta, cokali 1 a lita 4 ya isa, kuma kada ya taɓa haɗuwa da khal ko lemon tsami, domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu.

Bayan wanki ana barin ƙofa a buɗe yini guda ya bushe. Sai a nan gawayi ke da amfani: busasshe, dakakke, a baza shi a faffaɗan faranti, domin ƙananan ramukan jikinsa su kama warin da ya rage a iska. Yana cika, don haka ana sauya shi bayan 'yan kwanaki. Idan ruwan kifin ya ratsa tsaguwa ya shiga soson da ke tsakanin bangon firjin, wanki ba ya kaiwa can, kuma sau da yawa irin wannan firji ba ya rabuwa da warin.