Alkawura Uku na Mai Neman Kuɗin Taskace Harshe

Mai nazarin harshe na dā, idan ya samu tallafi, abin da ake jira daga gare shi shi ne littafin nahawu da ƙamus, wataƙila da 'yan tatsuniyoyi a ƙarshen littafin. Kaset ɗin da ya naɗa kuwa nasa ne, yana iya ruɓewa a akwati ba wanda zai tambaye shi. Yanzu abin ya sauya. Duk wanda ya zauna rubuta taƙaitaccen bayanin neman tallafi don taskace harshen da ke bakin gushewa, tambayoyi uku zai amsa tun a shafin farko: me za ka naɗa kuma awa nawa, ta yaya masu harshen za su ba da yardarsu, kuma a wace taska za a ajiye abin da aka naɗa.

Sauyin yana da mafari. A 1992 Michael Krauss ya yi gargaɗin cewa mafi yawan harsunan duniya na iya ɓacewa cikin ƙarni guda. A 1998 Nikolaus Himmelmann ya fitar da maƙalar da ta raba aiki biyu: bayyana ƙa'idojin harshe daban, tattara maganar mutane yadda suke yin ta daban. Hujjarsa ita ce nahawu fahimtar mutum ɗaya ce, idan harshen ya mutu babu inda za a koma a duba ko ya yi daidai sai muryoyin da aka naɗa. Sai masu kuɗi suka bi. Gidauniyar Volkswagen ta Jamus ta fara shirin DOBES a 2000, asusun Arcadia kuma ya kafa ELDP a 2002 a makarantar SOAS ta Landan, tare da taskarsa ELAR. ELDP da ELAR sun koma Balin a 2021. Wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ke zaɓen waƙa: da suka sa ajiya a taska ta zama sharaɗi, salon rubuta takardar neman tallafi ya bi sahu. Arahar na'urorin naɗar murya da bidiyo ta ƙarasa sauran.

Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin a Arewacin Najeriya harshen da ke haɗiye ƙananan harsuna galibi Hausa ce. Ajawanci na ƙasar Bauchi ya riga ya tafi, masu shi sun koma Hausa, kuma babu wata taskar murya da za a je a saurare shi. Harshen Cicipu na Acipawa, a yankin da Kebbi da Neja suka haɗu, ya yi sa'a: Stuart McGill ya naɗi maganarsu, tana nan a ELAR.

A ɗauki misali. A ce wata malamar jami'a ta rubuta cewa za ta naɗi awa 40 na wani harshe a kudancin Bauchi, hira da tatsuniya da waƙoƙin niƙa da bayanin yadda ake gyaran rumbu, ta kuma rubuta awa 10 daga ciki kalma bayan kalma da fassarar Hausa da Ingilishi. Naɗar ba ita ce wahalar ba. Za ta ɗauki murya a tsarin WAV, ba MP3 ba, domin MP3 yana zubar da wani ɓangare na sautin don rage nauyi, abin da aka zubar kuma ba ya dawowa. Awa guda a 48 kHz, 24 bit, da layin sauti biyu, tana cin kusan gigabait ɗaya, don haka muryar duka ba ta wuce gigabait 40 da 'yan kai ba. Inda gizo ke saƙa shi ne rubutun. Ga harshen da ba shi da tsayayyen tsarin rubutu, minti ɗaya na magana yakan ci awa guda ko fiye a manhajar ELAN, ana maimaita jimla ana tambayar mai harshen. Awa 10 minti 600 ne, wato awa 600 na zama. Idan ita da mataimakinta suna iya awa huɗu a rana kafin kunne ya gaji, kwana 150 ke nan, ban da damina da ta kai kowa gona, ban da rashin wuta. Mai tantance takardu da ya san aikin yana ganin wanda ya yi alkawarin rubuta awa 30 cikin wata shida zai gane bai taɓa zama da belin kunne ba.

Wannan ƙirga awoyi yana da illarsa. Ya fi sauƙi a zaunar da dattijo ɗaya gaban kyamara ya yi ta ba da tarihin gari, awoyi na taruwa, fiye da a kama hirar mata uku a bakin murhu suna katse juna. Amma ta biyun ce ke nuna yadda harshen yake rayuwa, har da inda ake tsoma Hausa a tsakiyar jimla. Takardar da ta faɗi irin maganganun da za a naɗa, da jinsi da shekarun masu yin su, ta fi wadda ta tara lamba.

Batun yarda shi ya fi zurfi, kuma a nan ne takardu da yawa ke wucewa da layi biyu. Dole a fara da gaisuwa a fadar hakimi ko dagaci, amma izinin mai gari buɗe ƙofa ne kawai. Bai zama yardar tsohuwar da za a ɗauki muryarta ba. Takardar sa hannu ma ba ta cika aiki ba inda mutane ba su yi boko ba, ko suke ɗari-ɗari da dangwala yatsa, shi ya sa ake karɓar yarda ta baki, a naɗe ta a farkon faifan. Sai dai me aka yarda da shi? Idan aka ce wa mutum "za a ajiye a Turai", zai ce to, madalla. Idan aka ce masa jikansa, da maƙwabcin da suke rikicin gona, da kowa ma, za su iya kallon sa a waya, amsar tana iya canzawa. Akwai waƙoƙin dodo da ba a yarda mata da yaran da ba su shiga ba su ji. Akwai wanda ya musulunta ko ya shiga coci, ba ya son a gan shi yana bayanin tsafin kakanni. Akwai matar kulle da za ta ba da murya amma ba fuska ba. Taskar ELAR ta tanadi matakai: abin da kowa zai buɗe, abin da sai mai rajista, da abin da sai an nemi izini. Amfaninsu bai wuce yadda aka yi wa mai maganar bayaninsu ba. Hanya mafi inganci ita ce a sake kunna masa abin da ya faɗa bayan an gama, a tambaye shi a karo na biyu, a kuma gaya masa wa zai nema idan ya sake shawara.

Ajiyar ta kawo alheri a fili: kowane faifai yana tafiya da bayanin wanda ya yi magana, a ina, yaushe, kan me, kuma mutuwar mai bincike ba ta binne aikinsa. Amma taska tana Balin, shafinta da Ingilishi, ƙauyen kuma sai an hau tudu ake samun sabis. A ganina, takardar da ta tsaya a kan sunan taska ta cika sharaɗin mai ba da kuɗi ne kawai. Wadda ta yi tunanin masu harshen za ta ware kuɗi a kasafinta don kwafe faifan a katin waya a raba wa gidajen da aka naɗa, a bar kwafi a jami'ar da ke kusa, a biya mataimaka albashin watannin rubutu, a kuma bar musu na'urar naɗa bayan an koya musu aiki da ita.