Ranar da Ba Ta Kai Dare Ba: Me Ya Sa Zanen Ciniki Ke Faɗuwa Kowace Safiya?

A ce wani babban kanti ne a Kano da ke buɗewa ƙarfe 8 na safe, ya rufe ƙarfe 10 na dare, kuma yakan yanka rasit kusan 400 a rana. Mai kantin yana da zane a kwamfuta da ke nuna cinikin kowace rana, ana sabunta shi da ƙarfe 10 na safe. Duk lokacin da ya duba, sai ya ga layin yana tafiya a kan 400, amma a ƙarshensa ya rikito ƙasa zuwa 40. Nan da nan hankali ya tashi, a kira manaja: "Malam, me ya sami kasuwa?"

Babu abin da ya same ta. Kwamfuta tana tara rasit ne rana-rana, ba ta kuma san cewa jiya ta ci awa 14 ana ciniki, yau kuwa awa biyu kacal ba. Ta ajiye cikakken buhu kusa da wanda aka fara zuba wa hatsi, ta ce a kwatanta.

Wannan faɗuwar ido na iya gane ta. Wadda ta fi ɓarna ita ce mai ɓuya cikin matsakaicin lissafi. Idan zanen yana nuna matsakaicin kwana bakwai, kwana shida masu 400 da yau mai 40 sun zama 2,440, a raba gida bakwai ya ba da kusan 349. Ga alama ciniki ya ja baya da kusan kashi 13 cikin ɗari, kuma adadin bai yi munin da zai sa a zargi lissafin ba, sai a yarda da shi. Alamar gane matsalar ita ce ramin da ke bayyana kullum da safe, ya cike kafin dare.

Magani mafi sauƙi shi ne a cire yau gaba ɗaya, zanen ya tsaya a jiya. Masu ciro bayanai da SQL kan ƙara layi ɗaya:

```sql
WHERE sale_date < CURRENT_DATE
```

Sai dai a duba agogon da na'urar ke bi. Da yawa an saita su a kan UTC, alhali Najeriya da Nijar suna gaba da awa ɗaya, don haka cinikin da aka yi tsakanin 12 da 1 na dare yakan faɗa cikin lissafin jiya. Ita ma jiyan ba lallai ta cika ba: reshen da ya rasa netwok da yamma, sai da hantsi bayanansa ke isowa.

Amma mai kanti yana son sanin halin yau, kuma yana da gaskiya. A ganina abin da ya fi dacewa da shi shi ne a gwada kama da kama: cinikin yau zuwa ƙarfe 10 da na irin wannan rana a makon jiya zuwa ƙarfe 10. Talata da Talata, Juma'a da Juma'a. Idan waccan ta ba da 42 wannan ta ba da 40, lafiya lau. Idan 15 aka gani, to yanzu ne ya kamata a kira manaja.

Wasu kan bar yau a zanen amma su ja layinta da ɗigo-ɗigo ko launi mai dusashe, su rubuta lokacin da aka sabunta shi. Yana taimakawa, muddin an fitar da ita daga matsakaicin lissafi.

Akwai kuma hasashen yadda ranar za ta ƙare, inda aka fi zamewa. Wani zai ce 40 cikin awa biyu, wato 20 a awa, sau 14 ya zama 280. Kuskure ne, domin kanti irin wannan ya fi cika daga la'asar zuwa isha'i. Gara a duba makonnin baya: idan kashi 10 cikin ɗari na cinikin rana ke shigowa kafin ƙarfe 10, to 40 na nufin 400. Amma kowane rasit na safe ya zama goma ke nan a hasashen. Mota ɗaya ta sauke mutum goma a bakin kanti, sai hasashe ya yi tsalle zuwa 500. Watan azumi ma yakan rusa lissafin, tunda ciniki na komawa dab da shan ruwa da bayansa. Shi ya sa hasashen safiya ba abin sayo kaya a kansa ba ne. Sai bayan azahar yake fara zama daidai.

Haka abin yake a zanen wata-wata. Ranar 3 ga wata, sabon watan kwana biyu ne da 'yan awoyi a gefen mai kwana 30 ko 31, Fabrairu kuwa ko ya cika yakan fito gajere. A nan sai a raba jimillar da yawan kwanakin da suka cika, a nuna matsakaicin cinikin rana.