Yadda Ake Bayyana wa Makafi Abin da ke Faruwa a Bidiyo

Bayanin murya wata ƙarin magana ce da ake ɗora wa fim ko bidiyo domin makaho, ko mai raunin gani, ya ji abin da ido kaɗai ke iya kamawa: wa ya shigo, me ya ɗauka, a ina ake, da rana ne ko da dare. A Amurka, Margaret Pfanstiehl, wadda ita ma ta rasa ganinta, ta jagoranci fara shi a gidan wasan kwaikwayo na Arena Stage da ke Washington a 1981. A 1990 tashar WGBH ta Boston ta mayar da shi aikin yau da kullum a talabijin.

Aikin kacokan ya rataya ne a kan shirun da ke tsakanin maganganun 'yan wasa, domin ba a son muryar mai bayani ta hau kan tasu. Marubuci yakan kalli fim ɗin har ƙarshe tukuna, sannan ya dawo ya auna kowane shiru, ya rubuta lokacin da ya fara da tsawonsa. Masu yin aikin da Turanci sukan ƙiyasta kalma 160 a minti guda, wato shirun daƙiƙa 4 ba ya ɗaukar fiye da kalma 10 ko 11.

A ɗauka cewa miji na zaune a falo yana waya, matarsa ta shigo da shayi, aka yi shiru na daƙiƙa 4. Akwai labule, akwai kujeru, akwai atamfar da ta ɗaura, amma babu ɗaya a cikinsu da labarin ya dogara da shi. Abin da ya dace a faɗa shi ne: “Ta juya masa baya, ta zuba farin gari cikin shayinsa.” Kalma goma ke nan. Ba a ce guba ba, domin mai kallo da ido ma gari kawai ya gani. Idan aka ce guba, an riga fim ɗin magana, an kuma ƙwace wa makaho daɗin zargi da hasashe. Haka nan gara a ce “ta ɗaure fuska” da a ce “ta tsane shi”.

Abin da kunne ya riga ya ji, kamar ƙarar waya ko bugun ƙofa, ba a ɓata lokaci a kansa, sai dai a faɗi wanda ya buga ƙofar. Rubutun da ya fito a allo kuwa dole a karanta shi. A bidiyon koyarwa, inda shiru ya yi ƙaranci, akan tsayar da hoton har bayani ya ƙare.

Ana gane aikin ya yi kyau ne idan aka rufe allo aka saurara da kunne zalla. Duk inda mai sauraro ya tambaya “wa ke magana?” ko “yanzu ina ake?”, nan ne giɓin yake, kuma makaho ne ya fi cancanta ya yi wannan gwaji kafin a saki bidiyon.