Haruffa 150 kawai aka ba ka: yadda ake rubuta bayanin shafin kasuwanci

Duk wanda ya buɗe wa kasuwancinsa sabon shafi a Instagram, da ya shiga Edit profile zai tarar da wani ɗan gurbi mai suna Bio, wanda ba ya karɓar fiye da haruffa 150. A X gurbin 160 ne, a shafin Facebook 101, a TikTok kuwa 80. Kuma ba baƙaƙe da wasula kaɗai ake ƙirgawa ba. Tazarar da ke tsakanin kalma da kalma harafi ce, waƙafi harafi ne, aya harafi ce, saukowa sabon layi ma yana cin ɗaya. Wannan ɗan wuri shi ne abin da baƙo zai fara karantawa kafin ya yanke shawarar tsayawa ko wucewa, amma da yawa daga cikinmu gaisuwa muke cika shi da ita.

A ce wata baiwar Allah a Tarauni, cikin Kano, tana haɗa turaren wuta da humra irin na Maiduguri, mu kira ta Wance. Ta buɗe shafi, ta rubuta abin da kusan kowa ke fara rubutawa:

"Assalamu alaikum, barkanku da zuwa shafinmu mai albarka. Muna sayar da kayayyaki masu inganci da rahusa. Sai an gwada akan san na ƙwarai."

Babu kuskuren Hausa a ciki, kuma ladabi ya cika. To amma mu ƙirga. Jimlar farko kaɗai, ta sallama da maraba, ta ci haruffa 56, wato fiye da kashi ɗaya bisa uku na abin da Instagram ya bayar. Zuwa ƙarshen jimla ta biyu an kai 104, Facebook ya riga ya rufe ƙofa tun kafin ta gama rubuta "rahusa". Da karin maganar an kai 137. Saura 13, waɗanda da ƙyar za su ɗauki tazara da "Turaren wuta", babu wurin sunan gari. Mai karatu ya sha gaisuwa, amma bai san ko atamfa ake sayarwa ba ko kilishi, bai san ko a Kano ake ba ko a Zinder.

Sallama tana da muhallinta, wato lokacin da mai saye ya turo saƙo. Nan ne za a gaisa a tambayi iyali. Bayanin shafi kuwa allon ƙofar shago ne, kuma babu mai rubuta "ina kwana" a allon shago. Abin da baƙo yake nema bai wuce uku ba: me ake sayarwa, a ina ake kuma ko kayan za su iso inda yake, sannan ta yaya zai yi oda. Duk kalmar da ba ta amsa ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai ta kawo hujjar zamanta. "Masu inganci da rahusa" ba ta da hujja, domin ba a taɓa samun ɗan kasuwar da ya rubuta cewa kayansa marasa kyau ne masu tsada ba.

Kafin a taɓa bayanin ma, akwai gurbin da ya fi shi daraja, wanda aka fi wasa da shi. Instagram yana da suna iri biyu. Akwai Username, wanda ke biyo bayan alamar @, iyakarsa 30, ba ya karɓar tazara, ba ya kuma karɓar ƙ, ɗ da ɓ. Sai kuma Name, wanda ke fitowa a saman bayani, kuma shi ne take na gaskiya. Idan mutum ya rubuta "turaren wuta Kano" a wajen bincike, sunayen nan biyu suna cikin abin da manhajar ke dubawa, kuma su ne yake gani a jerin sakamako kafin ya taɓa kowane shafi. Sabon kasuwanci babu wanda ya san sunansa balle ya neme shi, kayan ake nema. Saboda haka idan Wance ta sake maimaita sunanta kawai a gurbin Name, ta yi asarar wurin. Abin da ya kamata ta sa shi ne:

Wance | Turaren Wuta da Humra, Kano

Haruffa 35 ne, sun shiga a Instagram da ke ba da 64, sun shiga a X da ke ba da 50. A TikTok, inda sunan bai wuce 30 ba, sai ta sauke humra, ya koma "Wance | Turaren Wuta, Kano", haruffa 26. Shi kuwa Username, gara ta zaɓi wanda zai shiga mafi ƙuncin gurbi, wato na X mai 15, don ya zama iri ɗaya a ko'ina. Kalmar wanceturarekano daidai 15 take. A kuma yi tunani kafin a danna, domin Instagram sau biyu kawai yake barin a canza Name cikin kwana 14. Wanda ya yi ta gwaji da dare ɗaya zai zauna da kuskurensa mako biyu.

Akwai wata matsala da ta shafe mu masu rubuta Hausa. A wajen na'ura, ɗ da d haruffa biyu ne mabambanta, kuma yawancin mutane da d, k da b zalla suke bincike, saboda wayoyinsu ba a saita musu masu lanƙwasa ba. Telan da ya sa "ɗinki" a takensa ya kamata ya ari wayar wani ya rubuta "dinki" ya ga ko shafinsa ya fito. In bai fito ba, ni shawarata ya sassauta a take, ya rubuta yadda jama'a ke nema, ya bar ingantaccen rubutu a cikin bayani. Na san malaman Hausa ba za su so wannan ba, amma telan ciniki ya fito nema. Abin da ba shi da uzuri ko kaɗan shi ne rubutun ƙwalisa, irin mai karkata ko mai kama da na hannu da ake kwafowa daga wasu manhajoji. Waɗannan alamomi ne na daban da suka yi kama da haruffa, bincike ba lallai ya gane su ba, tsofaffin wayoyi kan nuna su kamar 'yan akwatuna, kuma manhajar da ke karanta wa makafi rubutu takan rikice a kansu.

Da yake take ya riga ya ɗauki nauyin suna da gari, bayanin ya samu sarari ya faɗi abin da ya bambanta ta da sauran masu turare:

Haɗin Maiduguri: turaren wuta, humra, kulacca.
Sari da ɗai-ɗai. Muna haɗa na amare.
Tarauni, Kano. Muna aikawa ko'ina a Najeriya.
Oda ta WhatsApp.

Layin farko 46, na biyu 36, na uku 45, na huɗu 16, sai saukowa layi sau uku, jimilla 146. Dubi abin da ya maye gurbin "masu inganci". Duk macen da ta san turare ta san me "haɗin Maiduguri" yake nufi, kalmomi biyu sun yi aikin da yabon kai bai yi ba. Sharaɗin shi ne ya zama gaskiya, don hancin mai saye ba ya karanta bayanin shafi. "Sari da ɗai-ɗai" ta sanar da mai shago a Gusau da mai son kwalba ɗaya cewa duka an yi da su. Tsarin layukan ma ba a banza aka yi shi ba: Instagram yakan naɗe ƙarshen bayani mai tsawo a bayan kalmar more, don haka abin da ya fi muhimmanci ne ke zuwa sama.

Za a lura babu lambar waya. Lambar Najeriya haruffa 11 ce, kuma tana da gurbinta daban a shafin kasuwanci, haka adireshi da nau'in sana'a. Mahaɗin da aka rubuta a cikin Bio na Instagram ba ya dannuwa, sai an sa shi a gurbin Links. Na WhatsApp kuwa yana da ƙa'ida: a cire sifilin farko na lambar in akwai shi, a sa lambar ƙasa ba tare da alamar tarawa ba, 234 ga Najeriya, 227 ga Nijar.

```
wa.me/234XXXXXXXXXX
```

Babu farashi kuma, da gangan. Kuɗin kayan haɗi yana motsi, kuma farashin da aka manta a bayani shi ke haifar da "ai a shafinku kun ce kaza". Lambar asusun banki ma ba nan ne wurinta ba, a bari sai an yi ciniki.

Sauran dandamali ba sa buƙatar sabon rubutu, ragewa kawai ake yi. A Facebook, layin farko ya tsaya, a bi shi da "Kano. Muna aikawa ko'ina. Oda ta WhatsApp." Ya zama 89 cikin 101. TikTok ne mai wuya. "Turaren wuta da humra haɗin Maiduguri. Kano. Muna aikawa ko'ina." ta ci 64. Idan aka ƙara "Sari da ɗai-ɗai." sai ya zama 81, ya haura da ɗaya tak. A nan mutane kan fara gutsure kalmomi, su mayar da "muna" ta koma "mn", rubutu ya zama kamar saƙon yara. Ba sai an kai ga haka ba: a cire ayar ƙarshe, ya zauna a 80 cif. Wanda ke son ƙara fure ko zuciya ya sani cewa wasu manhajoji biyu suke ƙirga kowane ɗaya, ya sa ido a kan ma'aunin da ke gefen gurbin. Masu kamfani da ke buɗe shafi a LinkedIn suna da Tagline mai 120, kuma wannan ƙa'idar ce dai: aikin da ake yi, wa ake yi wa, a ina.

Ta yaya za a gane ko bayanin ya yi aiki? Kafin a wallafa, a miƙa wayar ga wanda bai san sana'ar ba, ya duba ɗan lokaci kaɗan, a karɓe, a tambaye shi me ake sayarwa, a wane gari, ta ina ake oda. Inda ya yi inda-inda, nan ne gyara yake. Bayan an wallafa kuwa, saƙonnin masu saye ne alƙali. Idan kullum tambayar farko ita ce "a ina kuke?" ko "kuna kawowa Kaduna?", bayanin bai faɗi abin da ya kamata ba, ko ya faɗa a layin da aka naɗe. Ka buɗe saƙonni goma na ƙarshe da aka turo maka, ka ga tambayar da ta fi maimaituwa, ka sa amsarta a layi na farko ko na biyu.