Jerin da Layukansa Ba Su Jitu Ba

Wannan jeri irin wanda ake samu ne a kundin tsarin ƙungiyar unguwa:

Ayyukan ma'aji su ne:
- Karɓar kuɗin wata-wata
- Zai kai kuɗi banki kowace Litinin
- Rasit
- Sayi littafin lissafi
- A rubuta rahoto ƙarshen wata

Layi biyar, siga biyar. Na farko sunan aiki ne, na biyu labarin abin da za a yi, na uku suna ne tsurarsa, na huɗu umarni, na biyar kuma bai ma faɗi wanda zai yi ba.

Gane matsalar ba wuya. Ka ɗauki jimlar da ta buɗe jerin, ka haɗa ta da kowane layi, ka karanta da ƙarfi. "Ayyukan ma'aji su ne karɓar kuɗi" ya zauna daram. "Ayyukan ma'aji su ne sayi littafi" kuwa, kunne ba zai yarda ba. Ashe jimlar buɗewa ce ke zaɓar siga, kuma a nan sunan aiki take nema:

- Karɓar kuɗin wata-wata
- Kai kuɗi banki kowace Litinin
- Bai wa duk wanda ya biya rasit
- Sayen littafin lissafi
- Rubuta rahoto ƙarshen wata

Layi na uku ne ya fi cin lokaci, don ba gyaran nahawu kaɗai yake buƙata ba. Ma'aji zai ba da rasit ne, ko zai adana na kayan da aka sayo? Mai gyara ba zai yi shaci-faɗi ba, sai ya koma wurin waɗanda suka yi zaman. Sau da yawa layin da ya fita daban, tunanin da ke bayansa ne bai nuna ba.

Akwai tarkon da Hausa ke ɗanawa a nan. Aikatau irin su rubuta, gyara da kai, in abin da aka yi wa aikin ya biyo su, a rubuce umarninsu da sunan aikinsu duk ɗaya ne: "rubuta rahoto" na iya zama kowanne. Amma saya da karɓa suna sauya kama: sayi littafi, sayen littafi, karɓi kuɗi, karɓar kuɗi. Shi ya sa marubuci kan fara da sunan aiki, ya ratsa ta "rubuta", ya ɓulla cikin umarni bai ankara ba. Irin su saya da karɓa ya kamata a fara dubawa.

Wani layin kuma ba ya lanƙwasuwa. A ce an saka "Ba a cire kuɗi sai da sa hannun shugaba". Wannan doka ce, ba aikin ma'aji ba. In aka matsa aka mai da ita "Rashin cire kuɗi", an ɓata ma'ana don neman daidaito. Gara a fitar da ita, a rubuta ta jimla guda a ƙarƙashin jerin.